Yadda Kambodiya da Laos suka raɗa wa hauhawar farashi suna

A zamanin mulkin mallakar Faransa, da Faransanci ake karatun boko mai zurfi a Kambodiya da Laos. Da aka waiwayi harsunan gida, sai aka tarar babu tsayayyar kalma ta abubuwa irin su hauhawar farashi.

A Kambodiya, an kafa kwamitin ƙirƙirar kalmomi a 1947, kuma malamin addinin Buddha Chuon Nath na cikinsa. Hanyarsu ita ce ɗebo saiwa daga Pali da Sanskrit, kamar yadda malamanmu ke ɗebowa daga Larabci. A harshen Khmer, hauhawar farashi ita ce atifarana: ati na nufin wuce kima, farana kuma bazuwa. Masanin harshe Keng Vannsak ya soki wannan hanya, yana ganin saiwar Khmer ta fi dacewa.

Mutanen Laos kuwa, tamkar makwabtansu na Thailand, ngoen foe suke cewa, wato kuɗi sun kumbura. Mai tallar shinkafa za ta gane wannan daga ji ɗaya, alhali atifarana sai an koya a aji. Kowace dai ta samu gindin zama, domin jaridu da bankunan ƙasarta da ita suke aiki kullum.