Yadda gyaran kuskure ke ƙarewa a hanya, da dabarar ƙofofin LSTM

Ga jimla a cike gurbinta: "Motar da mahaifina ya saya a hannun wani dillali, bayan ya sayar da dokinsa da shanunsa, … lalace." Duk mai jin Hausa zai ce "ta" ba tare da ya tsaya tunani ba. Amma dubi abin da ke tsakani: mahaifi, dillali, doki, "ya" har sau biyu, ga shanu kuma. Babu ko ɗaya da ke kiran "ta". Hujjar tana can a kalmar farko, taku 16 a baya. Irin wannan tazara ce ta daɗe tana gagarar na'urorin da ke koyon harshe ko sauti bi da bi.

Tsarin da ake kira RNN yana karanta kalma ɗaya a lokaci guda. Yana da jerin lambobi da ke zaman ƙwaƙwalwarsa. Kowace sabuwar kalma ta shigo, sai ya ninka tsohuwar ƙwaƙwalwar da wasu ma'aunai, ya haɗa da sabuwar kalmar, ya matse sakamakon da lissafin `tanh` don ya tsaya tsakanin -1 da 1. Ma'aunan nan iri ɗaya ne a kowane taku, kuma su ne ake gyarawa wajen koyo.

To, a ce ya amsa da "ya" maimakon "ta". Za a auna girman kuskuren, a aika saƙon gyara baya, taku bayan taku, don a gano wane mataki ne ya jawo shi da kuma yadda za a motsa ma'aunan. Wannan saƙo shi masana ke kira giradiyan. Matsalar ita ce, a kowane taku da ya koma baya, ana ninka shi da ma'aunan da kuma gangaren `tanh`. Gangaren nan ba ya wuce 1, kuma idan lambar da ta shiga ta yi girma, yana faɗuwa kusa da sifili. Kamar kuɗi ne da ke bi ta hannun dillalai a jere, kowa yana cire la'adarsa daga abin da ya iske.

A ce kowane taku yana barin rabi ya wuce. Kafin saƙon ya isa kan "motar", an raba shi biyu sau 16, saura kashi ɗaya cikin 65,536. Ko da an sassauta, kowane taku yana barin 0.9, bayan taku 16 saura 0.19, bayan 50 saura 0.005, bayan 100 kuwa kusan 0.00003. Kalmomin kusa suna samun gyara mai kauri, na nesa ba sa jin komai. Sai tsarin ya koyi duban maƙwabta kaɗai. Ba wai ba shi da inda zai ajiye jinsin mota ba ne. Ba a taɓa isar masa da labarin cewa ajiye shi yana da amfani ba. A ganina wannan bambanci shi ne zuciyar maganar, kuma shi ne ɗalibai suka fi tsallakewa.

Idan adadin ya haura 1, akasin haka ke faruwa: 1.1 da aka ninka sau 100 ya kusa 13,800. Wannan tumbatsa tana da sauƙin ganewa, domin lissafin kuskure kan yi tsalle ko ya koma `NaN` a allo, kuma ana maganinta da datse saƙon idan ya wuce wani iyaka. Dusashewa ce mai wuyar sha'ani, don ba ta ƙara. Kuskure zai sauka da farko, sannan ya tsaya cak, jimlolin da tsarin ke fitarwa su yi kyau a gajeren zango su wargaje a dogo. Mai son tabbatarwa sai ya buga girman saƙon gyara a kowane taku: zai ga yana raguwa da kaso kusan ɗaya har ya ɓace. Datsewa ba ta da amfani a nan, ba a rage abin da ya riga ya ƙare.

Sepp Hochreiter ne ya fayyace wannan matsala a kundin digirinsa a Jami'ar Fasaha ta Munich a 1991. A 1994 Yoshua Bengio da abokan aikinsa biyu suka nuna wani tsaka-mai-wuya: yanayin da ke sa RNN ya riƙe bayani ba tare da hayaniya ta goge shi ba, shi ne dai ke dusasar da saƙon gyara. A 1997 Hochreiter da Jürgen Schmidhuber suka fito da LSTM.

Dabarar ita ce a buɗe hanya ta biyu, wata ma'ajiya da ba a matse ta a kowane taku, sai dai a tara a kanta. A siffar da ake amfani da ita yau, haka take:

```
c_t = f_t * c_(t-1) + i_t * g_t
h_t = o_t * tanh(c_t)
```

`c` ita ce ma'ajiyar, `h` abin da tsarin ke fitarwa, `g` kuma sabon bayanin da ake son rubutawa. Sauran ukun ƙofofi ne, kowace lamba ce tsakanin 0 da 1 da tsarin ke lissafawa daga kalmar da ta shigo da abin da ya fitar a takun baya. Ƙofar shiga `i` tana yanke nawa za a rubuta, ƙofar mantuwa `f` nawa za a bari na tsohon, ƙofar fita `o` nawa za a nuna a waje.

Mu koma kan jimlarmu. Tsarin da ya koyu da kyau zai iya ware gurbi ɗaya a ma'ajiyar don jinsin abin da ake magana a kai. Da "motar" ta shigo, ƙofar shiga ta buɗe, a rubuta mace. Lokacin da dillali da doki ke wucewa, ƙofar shiga ta rufe don kada su taka rubutun, ta mantuwa ta tsaya kusa da 1, ta fita ma ta yi shiru don kada jinsin mota ya ɓata "ya sayar". Sai a gurbin ƙarshe ta buɗe. Shi kuma saƙon gyara, idan ya bi ta wannan hanya, abin da ake ninka shi da shi a kowane taku `f` ne kawai. Idan `f` tana 0.99, bayan taku 16 saura 0.85, bayan 100 ma akwai 0.37.

Abin lura, LSTM na 1997 ba shi da ƙofar mantuwa sam. Adadin 1 ne cur, saƙon ba ya raguwa. Amma a bayanai masu kwarara ba yankewa, ma'ajiyar kan yi ta kumbura har ta daina amfani. Felix Gers da Schmidhuber da Fred Cummins ne suka ƙara ƙofar a 1999. Wato da gangan aka dawo da dusashewa, sai dai yanzu tsarin ne ke koyon yaushe zai manta.

Nan kuma akwai tarko. A farkon horo, idan lambar da ake ƙarawa a lissafin ƙofar mantuwa sifili ce, ƙofar tana farawa a wajen 0.5, mun koma kashi ɗaya cikin 65,536 ke nan kafin a koyi komai. Shi ya sa ake fara ta da 1, abin da ke ɗaga ƙofar zuwa 0.73, a Keras wannan shi ne `unit_forget_bias=True`, kuma a kunne yake zuwa. Haka nan idan aka yanka rubutu gunduwa-gunduwa na taku 30 wajen horo, aka tsayar da saƙon a bakin kowace gunduwa, babu ƙofar da za ta kai gyara taku 80 baya.

Da tsarin LSTM Google ya sabunta fassararsa a 2016. Amma 0.99 da aka ninka sau dubu ya koma kusan 0.00004, kuma dole a karanta kalmomi ɗaya bayan ɗaya, abin da ke jan lokacin horo. Tsarin Tiransifoma na 2017 ya kauce wa duka biyun ta hanyar barin gurbin "ta" ya dubi "motar" kai tsaye, a farashin lissafin da ke ninkuwa huɗu duk sanda tsawon rubutu ya ninku biyu.