Ina Ƙarfin Sabis Yake Tafiya Tsakanin Turke da Waya?

Duk wanda ya bar gari a mota ya san yadda sandunan sabis ke raguwa ɗaya bayan ɗaya. Akan ɗora laifin a kan tsaunuka da itatuwa, kuma suna da nasu kason. Amma ko a sararin da babu ko ƙura, igiyar rediyo sai ta raunana.

Dalilin shi ne bazuwa. Ƙarfin da ya bar eriya yana watsuwa ne ta ko'ina, kuma filin da yake mamayewa yana faɗaɗa da nisa. Idan nisa ya ninka sau biyu, filin ya ninka sau huɗu, sai rubu'in ƙarfin kawai ya iso ga mai karɓa. Idan ya ninka sau goma, kashi ɗaya cikin ɗari ke isowa. Injiniyoyi na auna wannan asara da desibel, inda kowane ninkin nisa yake cin desibel 6.

Sai batun saurin kaɗawar igiya, wanda ake aunawa da megahaz. A 1946 Harald Friis ya wallafa lissafin da ake aiki da shi har yau. Ga yadda aka saba rubuta shi, d a kilomita, f a megahaz:

```
FSPL(dB) = 20 log10(d) + 20 log10(f) + 32.44
```

A ɗauki waya mai nisan kilomita 1 daga turke. A kan megahaz 900 asarar ta kai desibel 91.5, a kan 1800 kuwa 97.5. Wato ninka saurin kaɗawa daidai yake da matsar da wayar zuwa kilomita 2.

To, sarari ne yake shanye igiya mai saurin kaɗawa? Ko kusa. Igiyoyin biyu suna isowa da ƙarfi iri ɗaya, bambancin yana wurin kamawa. Tsawon zangon igiyar 900 kusan santimita 33 ne, na 1800 rabin haka, kuma eriyar da ke karɓa daga kowane ɓangare tana ƙanƙancewa tare da zangonta. Kamar tarar ruwan sama ne: ruwan ɗaya ne, amma abin da daro zai tara, kofi ba zai tara ba. Idan zango ya koma rabi, filin kamun eriya ya koma rubu'i.

Shi ya sa ake gyara lamarin ta hanyar faɗaɗa abin kamun. Tauraron ɗan'adam na talabijin yana nisan kusan kilomita 36,000, kuma a kan megahaz 12,000 asarar ta kai desibel 205. Duk da haka hoto na fitowa tangaran, domin kwanon da ke kan rufi yana tattara igiyar daga duk faɗinsa ya kai ta wuri guda. Sharaɗinsa dai saiti, da ya ɗan goce sai hoton ya ɗauke.

Ɗaukewar hoto lokacin ruwan sama kuwa wani abu ne daban: a nan ɗigon ruwa ne ke shanye igiyar yana warwatsa ta, kuma lissafin Friis bai ƙunshi wannan ba.