Shin Ko Kun San? Ba Kowane "Ku Yi" Ba Ne Farilla

Shin ko kun san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, maganar bashi take yi? Ta umarci muminai su rubuta bashin da suka ƙulla zuwa wani lokaci, su kuma kafa shaidu. Duk da haka mafi yawan malamai, har da Malikawa da ake bi a ƙasar Dandi, sun ce rubutun mustahabbi ne: mai yi yana da lada, wanda ya bari bai yi zunubi ba.

A ɗauka wani ɗan kasuwar Gaya ya ba manomin Tanda kuɗin buhu goma na shinkafa tun kafin a yanke ta, suka rabu babu takarda. Cinikinsu bai ɓaci ba. Ta yaya malamai suka kai ga wannan alhali aya ta ce a rubuta?

Shin ko kun san ƙa'idar da suke farawa da ita ta fi haka tsauri? A wajen jumhurun malaman usulu, umarni in ya zo shi kaɗai wajibi yake nunawa. Suna kafa hujja da hadisin asawaki, inda Annabi (SAW) ya bayyana cewa ba don gudun tsananta wa al'umma ba, da ya umarce su da shi a kowace salla. Asawaki dama abin so ne, don haka umarnin da ya ƙi bayarwa na dole ne. Haka Barira, da ya shawarce ta ta koma wa mijinta Mugis, sai ta tambaya ko umarni ne. Ya ce ceto kawai yake yi, ta kuwa ƙi komawa, ba a zarge ta ba.

Abin da ke sauko da umarni daga wajibi zuwa mustahabbi shi ake kira ƙarina, wato wata alama daga nassin kansa ko daga wani dalili na shari'a. A maganar bashi ba ta da nisa. Aya ta 283 ta ce idan sashe ya amince wa sashe, wanda aka amince wa ya mayar da amanarsa. Jumhur suka ce da rubutu dole ne, da ba a buɗe wannan ƙofa ba. Suka ƙara da aikin Annabi (SAW): ya sayi doki a hannun wani baƙauye ba tare da shaida ba, har mutumin ya musanta, Khuzaima bin Sabit ya tsaya ya yi shaida.

Shin ko kun san ba kowa ya gamsu ba? Imam Ɗabari, wanda ya rasu a shekara ta 310 bayan Hijira, ya tsaya a kan rubutun wajibi ne, haka ma Ibn Hazm na Andalus. A ganin Ɗabari, sassaucin aya ta 283 na matafiyi ne da bai sami marubuci ba. Ni dai ina tare da jumhur, amma wanda ya ga zumunci ya tsinke a kan "na biya ka", "ba ka biya ni ba", zai ji nauyin maganar Ɗabari.

Ga inda mutane ke zamewa. A cinikin nan na shinkafa akwai wani umarnin da bai sauko ba ko kaɗan. Irin wannan ciniki sunansa salam, kuma hadisin Ibn Abbas ya umarci mai biyan kuɗi tun kafin kaya ya yi a kan sanannen mudu, sanannen nauyi da sanannen lokaci. Babu ƙarinar da ta sassauta shi, sai ya zama sharaɗi. Idan ɗan kasuwar da manomin ba su faɗi yawan shinkafar da irinta ba, cinikin ya ɓaci ko da an cika takarda da sa hannu. Malikawa sun yarda a sa lokacin girbi ya zama wa'adi, tunda mutanen gari sun san shi.

Shin ko kun san umarni kan sauko har ƙasa da mustahabbi? Suratul Jumu'a ta hana ciniki idan an kira salla, sannan a aya ta 10 ta ce a watsu a nemi falalar Allah. Umarnin da ya biyo bayan hani, a wajen malamai da yawa, izini ne kawai. Wanda ya wuce gida bayan Juma'a bai koma rumfarsa ba, babu laifi a kansa.

Mai son bin zaren zai same shi a babin umarni na Waraƙat ta Imamul Haramaini, da Miftahul Wusul na Sharif Tilmisani, Bamalike, wanda ke kawo ƙa'ida sannan ya jero mas'alolin fiƙihun da aka gina a kanta. A nan kusa kuma, Shehu Abdullahi na Gwandu, wanda ya rasu a 1829, ya bar wa ɗalibai Alfiyyatul Usul a wannan fanni.