Sabis ya ɗauke, ƙofa na aiki: yadda ake tantance mahalarta taro ba da intanet ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar babban taro ya san wannan lokacin. Layi ya miƙe har bakin titi, rana ta take, mai duba tikiti ya ɗora wayarsa a kan lambar QR, sai wata ƴar da'ira ta kama juyawa a fuskar wayar ba ta tsayawa. Daga baya wani ya ɗaga murya: "Malam, a bar mu mu shiga mana!" Mai tsaron ƙofa ba shi da amsar da ta wuce "sabis ne babu".

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, sau da yawa taron ne da kansa yake kashe sabis ɗin. Jiya da masu shiri suka zo gwaji, zauren fayau yake, intanet na gudu. Yau mutum dubu sun taru wuri ɗaya, kowa da wayarsa, duk suna rububin turken sadarwa guda. Wani lokaci kuma matsalar daga nesa take, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya tabarbare a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu. Ko wanne ne, ƙofar da sai ta tambayi intanet kafin ta buɗe wa kowane mutum ƙofa ce da za ta tsaya.

Maganin shi ne a juya tsarin. Maimakon waya ta riƙa tambayar babbar kwamfutar masu shiri game da kowane tikiti, sai ta sauke jerin sunayen gaba ɗaya tun kafin a buɗe ƙofa. Jerin ba shi da nauyi: sunaye da lambobin tikiti na mutum 1,200 ba su kai girman hoto ɗaya da ake ɗauka da waya ba. Idan an duba tikiti, wayar ta nemi lambar a cikin jerin da ke cikinta, ta ba da amsa nan take, sannan ta rubuta a ɗan kundinta cewa tikiti kaza ya shiga ta ƙofa kaza da ƙarfe kaza. Rubuce-rubucen nan suna taruwa suna jira. Da zarar sabis ya leƙo, ko na minti biyu ne, wayar ta tura abin da ta tara, ta kuma karɓo abin da sauran wayoyi suka tura. Manhajojin tikiti irin su pretixSCAN da Eventbrite Organizer suna da wannan tsari.

Zuwa nan babu wahala. Wahalar tana farawa ne idan ƙofa ta wuce ɗaya.

A ce ana taron ƴan kasuwa a wani zaure a Kano, mutum 1,200, ƙofa uku, kowace da wayarta. Duka wayoyin sun sauke jeri da ƙarfe 7 na safe, sabis ya ɗauke da ƙarfe 8:30. Wani bawan Allah mai tikiti lamba 417 ya shiga ta ƙofar gabas da 8:52. Tun daren jiya kuwa ya tura wa abokinsa hoton tikitin. Abokin ya zo ƙofar yamma da 9:05, wayar can ta duba jerinta, ta ga 417 na nan, ba a kuma yi amfani da shi ba, ta nuna kore. Wayar ba ta yi kuskure ba, ta faɗi iya abin da ta sani ne. Sai ƙarfe 11 da sabis ya dawo babbar kwamfuta ta ga tikiti ɗaya ya shiga sau biyu, ta karɓi na farko, ta sa wa na biyu alamar maimaici. Amma lokacin abokin ya daɗe da samun kujera, wataƙila har ya karɓi kwalin abinci. Haɗa bayanai daga baya yana tona abin da ya faru, ba ya hana shi faruwa.

Hanya mafi sauƙi ta toshe wannan ɓaraka ba ta buƙatar wata fasaha: a raba jerin. Tikiti 1 zuwa 400 ƙofar gabas, 401 zuwa 800 ta tsakiya, sauran ta yamma, a kuma rubuta ƙofar kowa a jikin tikitinsa. Tunda waya ɗaya ce kaɗai ke riƙe da 417, ita ta san ya shiga ko bai shiga ba, ba sai ta tambayi kowa ba. Wanda ya yi zaɓen 2023 ya ga irin wannan da idonsa. Na'urar BVAS ta hukumar INEC tana ɗauke da rajistar rumfarta ne kawai, tana tantance masu zaɓe ba tare da intanet ba, sai wajen tura hoton sakamako ne take neman sabis. Kuɗin da ake biya a wannan dabara shi ne layi: wata ƙofa za ta cika maƙil, wata na hamma. A ganina ciniki ne mai kyau, in dai kujeru a ƙidaye suke.

In kuma dole kowa ya shiga ta inda ya ga dama, ana iya kafa ƙaramar hanyar sadarwa ta cikin gida. Rauta ɗaya da kwamfutar cinya ɗaya a zauren, wayoyin su haɗu da su ta waifai. Mutane kan ɗauka waifai da intanet abu ɗaya ne, alhali rauta na iya haɗa wayoyin junansu ko da babu komai da ke fita waje. Sai dai ba kowace manhaja ce ta yarda da haka ba, kuma in wuta ta ɗauke rautar ta mutu, don haka a ɗora ta a kan batir. Abin ɗaurawa a hannu ko tambarin tawada shi ma yana taimakawa, musamman ga masu fita salla su dawo.

Akwai kuma matsalar tsufan jeri. Wadda ta sayi tikiti da ƙarfe 8:40 ba ta cikin jerin ƙarfe 7, waya za ta ce ba ta san ta ba alhali ta biya kuɗinta. Wanda aka mayar wa kuɗinsa da 8:45 kuwa har yanzu tikitinsa zai nuna kore. Shi ya sa masu hankali suke rufe sayarwa ta intanet awa ɗaya ko biyu kafin buɗe ƙofa, su sake sauke jeri, sannan su ajiye tebur guda a gefe da takarda da biro. Duk wanda waya ta ƙi, a ce masa "Alhaji, bismilla ta nan", a duba shaidar biyansa, a rubuta sunansa da lambarsa da lokaci. Kada a yi gardama da shi a tsakiyar layi.

Yadda za a san ko shirin ya tsayu kuwa, a gwada shi a jajibirin taro. A danna alamar jirgin sama a kowace waya, a duba tikitin gwaji sau biyu. Na farko ya kamata ya nuna kore, na biyu ya ce an riga an shiga da shi. In wayar ta tsaya tana juya da'ira, jerin bai sauka ba. A dubi agogon wayoyin ma, domin in na ƙofar yamma ya yi baya da minti 20, kwamfuta na iya ɗaukar abokin nan a matsayin wanda ya fara shiga, a ɗora wa mai tikitin gaske laifi.

Kuskuren da ya fi ciwo yana zuwa ne bayan an tashi. Matashin da aka ɗauko aikin yini ɗaya, da wayarsa ta kansa, ya gaji, ya fita daga manhajar ko ya goge ta a hanyar gida, alhali sunaye 300 na cikinta ba su tafi ba. Yawancin manhajojin suna nuna adadin abin da ke jiran turawa da lokacin da aka yi haɗin ƙarshe. Shugaban ƙofa ya karɓi kowace waya a hannunsa, ya kai ta inda sabis yake, ya tsaya har adadin ya koma 0, sannan ya sallami mai ita.