Bashin da aka biya amma sunan mutum bai fita ba

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ya karɓi rancen naira 500,000 a banki, ya biya a cikin wata shida. Kashin ƙarshe ya shiga a makare da kwana huɗu, sai ruwan naira 2,400 ya hau kai ba tare da ya sani ba. Bayan shekara biyu ya nemi sabon rance a wani bankin, aka ce masa rahotonsa ya nuna ana binsa bashi.

Rahoton da ake nufi shi ne tarihin bashin mutum. A Najeriya kamfanoni uku ne masu lasisin Babban Banki suke tattara shi: CRC, FirstCentral da CreditRegistry, a ƙarƙashin dokar rahoton bashi ta 2017. Da lambar BVN ake gane mutum, don haka sauya banki ba ya ɓoye komai. A ciki akwai kowane rance daga bankunan kasuwanci da ƙananan bankuna, har da wasu manhajojin rance na waya, da ranar karɓa, da abin da ya rage, da yawan kwanakin da biya ya makara. Cakin da aka dawo da shi saboda babu kuɗi ma yana fitowa. Wanda ya tsaya wa wani kan bashi zai iya ganin bashin a nasa rahoton, abin da kan zo wa mutane da mamaki.

Layin kwanakin makara shi ne wurin dubawa da kyau. A bankunan kasuwanci, bashin da ya haura kwana 90 ba a biya ba ana sa shi cikin waɗanda suka maƙale, idan ya wuce kwana 360 kuma a lissafa shi a matsayin asara. Naira 2,400 ɗin nan ta isa ta kai ɗan kasuwar wannan mataki, ko da yake kuɗin ba su taka kara sun karya ba.

Mafita ita ce ya fara karɓar rahotonsa. Doka ta ba shi guda ɗaya kyauta a shekara, kuma gara ya duba duka ukun, domin bayanansu kan bambanta. Idan ragowar gaskiya ce, sai ya biya, ya karɓi takardar shaidar cewa ba a binsa komai. Tarihin makarar dai zai zauna na wasu shekaru.

Idan kuwa kuskure ne, kamar bashin da bai taɓa ci ba ko wanda ya biya tsaf, sai ya rubuta ƙorafi ga kamfanin rahoton da bankin, ya haɗa da rasit da bayanan asusu, ya ajiye kwafin da aka buga wa hatimi. Kamfanin ba ya goge komai da ra'ayin kansa, sai ya tuntuɓi bankin da ya aiko bayanin. Idan aka yi shiru ko aka ƙi gyarawa, sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki ne mataki na gaba, daga nan sai kotu.