Fezo: Dabarar Da Ke Sauƙaƙa Lissafin Wutar Gida

Wutar lantarki da ke shiga gidaje a Najeriya da Nijar ba ta gudana ta hanya ɗaya. Tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa, ƙarfinta na hawa da sauka kamar igiyar ruwa. Bolt 230 da ake ambata matsakaicin ƙarfin aikinta ne, domin ƙololuwarta takan kai kusan bolt 325. Lissafin abin da ke canzawa haka yana buƙatar kalkulas, musamman idan akwai koyil ko kafasita a layin. A shekarar 1893 injiniya Charles Steinmetz ya gabatar wa taron masana lantarki a Chicago hanyar da ta rage wannan wahala.

Tushen dabarar shi ne, da zarar wuta ta daidaita bayan an kunna ta, kowane boltej da kowane karan a layin yana kai da komo da sauri iri ɗaya. Saboda haka abu biyu kaɗai ke bambanta su: girman kowanne, da kuma yadda ya riga ɗan'uwansa ko ya makara. Ana zana waɗannan biyun a matsayin kibiya, tsawonta shi ne girma, kusurwarta kuma ita ce rigaye ko makara. Wannan kibiya ita ce fezo. Zagaye ɗaya digiri 360 ne, don haka makarar kashi ɗaya cikin huɗu na zagaye digiri 90 ce.

Ana rubuta kibiyar da lamba mai ɓangare biyu, a + jb. Harafin a yana nuna tafiya a kwance, b kuma tafiya a tsaye. Ninka lamba da j yana juya kibiya da digiri 90, juyi biyu kuwa yana mayar da ita baya, shi ya sa j × j = −1. A rizisto, boltej da karan suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, don haka turjiyarta R ce kawai. A koyil, karan yana makara da digiri 90, sai a rubuta turjiyarsa jωL, inda ω = 2π × 50, wato kusan 314. A kafasita karan ne ke rigaye, turjiyarta kuma −j/(ωC) ce. Jimlar turjiyar duka ana kiranta imfidans, Z, kuma dokar Ohm tana aiki da ita: I = V/Z.

Misali, a ɗauki rizisto mai om 30 da aka jera da koyil mai henri 0.127, aka ba su bolt 230. Turjiyar koyil ita ce 314 × 0.127, kusan om 40. Ke nan Z = 30 + j40. Tunda ɓangarorin biyu sun haɗu a kusurwar digiri 90, ana samun tsawon kibiyar da ƙa'idar Pythagoras: √(30² + 40²) = 50. Kusurwarta ita ce wadda tan ɗinta ya zama 40/30, kusan digiri 53. A wajen rabawa, ana raba tsawo da tsawo, a debe kusurwa daga kusurwa. Idan aka ba boltej kusurwar sifili, karan zai zama 230/50, wato amfiya 4.6, a kusurwar −53. Alamar debewa tana nufin karan ya makara, kuma digiri 53 a nan kusan kashi 3 ne cikin 1,000 na daƙiƙa.

Mai gyaran wuta da ya ɗora mita a kan rizisto zai karanta 4.6 × 30, bolt 138. A kan koyil zai karanta 4.6 × 40, bolt 184. Mai koyo yakan tara su ya sami 322, ya ɗauka mita ta lalace, alhali lafiyarta lau. Boltej biyun ba sa kai ƙololuwa lokaci ɗaya, don haka tarawar ta kibiyoyi ce: √(138² + 184²) = 230. Haka ma ƙarfin aiki. Bolt 230 sau amfiya 4.6 ya ba da 1,058, amma abin da ake ci da gaske shi ne 4.6² × 30, kusan wat 635, kashi 60 cikin 100. Ragowar yana kai da komo ne tsakanin koyil da tushen wuta, yana ɗumama waya ba tare da ya yi aiki ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake rubuta ƙarfin janareto da taransfoma da kVA.

Dabarar tana da iyaka. Ba ta bayyana fizgar da ke faruwa a daidai lokacin kunna wuta, domin layin bai daidaita ba tukuna. Ba a tara fezo biyu masu saurin zagaye daban, sai an lissafa kowanne shi kaɗai. Na'urori irin su cajar waya, masu jan karan gutsure-gutsure, suna ɓata siffar igiyar, kuma fezo ɗaya ba ya isa ya bayyana su. Dole ne kuma a tsaya kan ma'auni ɗaya tun daga farko: wanda ya soma da 230 ya cakuɗa shi da 325 a tsakiyar lissafi, amsarsa za ta kauce da kusan kashi 41 cikin 100.