Littafin yara da baki ake gwada shi

Wata malamar firamare ta kawo mini rubutun littafin hotuna da ta yi wa yara 'yan shekara 4 zuwa 6, labarin akuyar da aka shanye wa ruwa. Ta ce in duba mata kurakurai. Ban samu ko ɗaya ba, amma da na ɗaga murya na karanta, sai numfashina ya ƙare tun a shafi na 3.

Ga jimlar da ta sarƙe ni: "Sakamakon matsanancin ƙishin da ya addabe ta, Akuya ta yanke shawarar nufar rafi." Wannan Hausar labaran rediyo ce. Na ce mata ta mayar da ita haka: "Akuya ta ji ƙishi. Ta tafi rafi." Ba tsawon kalma ne ke ba yaro wahala ba, rashin ganin abin a zuciyarsa ne. Shi ya sa na hana ta cire "kwazazzabo" da ta so gogewa. Hoto zai nuna shi, kuma yara na jin daɗin juya irin wannan kalma a baki. Amma baƙuwar kalma ɗaya ta isa a shafi guda.

Inda muka fi ja-in-ja shi ne maimaici. Akuya ta tambayi dabbobi uku wanda ya sha mata ruwa, malama kuwa ta sauya lafazin kowane karo, wai kada a ce kalmomi sun ƙare mata. A makaranta aka koya mana gudun maimaici, a tatsuniya kuwa shi ne amshi. Idan "Wa ya sha mini ruwa?" ta dawo ba ragi ba ƙari, karo na biyu yaro zai gane ta, karo na uku zai riga ka faɗa. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba, ta nan yake fara gane surar kalma a takarda. Abin da ya kamata ya sauya shi ne amsar ƙarshe, don nan abin dariyar yake.

Daga nan muka miƙa wa maƙwabciyata takardar, ta karanta wa jikokinta ba tare da ta taɓa gani ba, mu kuma muna sa alama duk inda ta yi tuntuɓe. A shafi na 9 ta karanta "Fari ya zo" da sautin farin rashin ruwan sama, alhali Fari sunan rago ne. Boko ba ya nuna karin sauti, don haka marubuci ne zai toshe wannan kafa. Aka mayar da shi "Rago ya zo."

Da ragon ya faɗa rafi, malama ta rubuta "da ƙarfi sosai". Kakar ba ta bi takarda ba, ta ce "tsundum!", yaran suka fashe da dariya. Tsundum ɗin muka bari.